Rahoton Haɗari a Wurin Aiki: Raba Abin da Aka Gani da Abin da Ake Zato

Rahoton haɗari takarda ce da ake rubutawa idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai aikin, shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7 da faruwar abin. Tun da takardar na cikin abin da ake dubawa wajen bincike da biyan diyya, dole ne a ware abubuwa uku a cikinta: abin da aka gani, abin da aka ji daga bakin shaidu, da abin da ake zaton shi ne sanadi.

A ɗauki misalin masana'antar casar shinkafa, inda bel ɗin inji ya kama hannun wani ma'aikaci. Idan shugaban sashe ya rubuta cewa “sakacinsa ne ya jawo”, ya yanke hukunci tun kafin bincike, domin sakaci ba abin da ido ke gani ba ne. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne: da ƙarfe 10:40 na safe bel ɗin inji na biyu ya kama hannun dama na ma'aikacin, yatsu biyu sun ji ciwo, an kashe injin, an kuma tarar da murfin kariyar bel ɗin a jingine da bango. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk abin da za a iya ɗauka a hoto, ko a auna, ko a duba a agogo, ya shiga wannan sashe.

Maganar shaidu kuwa gurbinta daban, domin gani ya kori ji. Ana tambayar kowane shaida shi kaɗai, tun abin bai gushe masa ba, a rubuta kalamansa yadda ya faɗe su tare da inda yake tsaye a lokacin. Wanda ya ce ya ga ma'aikacin yana share buntu kusa da bel shaida ne. Wanda ya ce an gaya masa haka, sai a nemo wanda ya gaya masa.

Sashe na ƙarshe shi ne na zato, kuma ana bayyana shi a matsayin zato, tare da hanyar tabbatar da shi. Misali: ana zaton an cire murfin ne lokacin gyara ba a mayar ba, za a duba littafin gyaran inji a kuma tambayi makanikin. Idan hakan ya tabbata, gyaran da ake bukata shi ne a hana kunna inji sai an mayar da murfinsa. Rahoton da ya tsaya kan “sakaci” kuwa, ma'aikacin kaɗai zai sha faɗa, murfin ya ci gaba da zama a jingine har bel ya kama hannun wani.