Yadda Masu Fim ɗin Zane ke Samar da Zurfi a Hoto Shimfiɗaɗɗe

A ɗauki zanen wani gida a gona cikin dare, ga bishiya a gabansa, ga tsauni a bayansa, ga wata a sama, duka a kan takarda guda. Idan aka matso da kyamara kusa da takardar, gidan zai ƙara girma, bishiyar ma haka, shi ma watan haka. Nan asirin zanen ke tonuwa, domin ko mutum ya yi tafiyar kwana guda yana fuskantar wata, ba zai ga ya ƙara girma ba. Da wannan misali Walt Disney ya bayyana wa masu kallon talabijin a 1957 matsalar da ta sa kamfaninsa ya ƙera wata kyamara ta musamman.

Maganin da aka samo shi ne a raba zanen hawa-hawa. Bishiya a kan faifan gilashi guda, gida a kan wani, tsauni a kan na uku, sama da wata a can ƙarshe, sannan kowanne ya motsa da nasa saurin. Duk wanda ya taɓa leƙawa ta tagar mota ya san dalili: turakun bakin hanya na wucewa fyau-fyau, gonaki na bi a hankali, dutsen da ke nesa kamar yana raka motar. Wannan bambancin gudu tsakanin na kusa da na nesa shi masana ke kira faralaks, kuma da shi ido ke auna nisa ko da an rufe ido ɗaya.

Dabarar ta girmi kyamarar Disney. Lotte Reiniger ta Jamus ta jera hawa-hawan gilashi a fim ɗinta The Adventures of Prince Achmed na 1926, Ub Iwerks kuma ya haɗa tasa kyamarar a 1933 da sassan tsohuwar mota. Ta kamfanin Disney, wadda William Garity ya jagoranci ƙerawa, ta fi mita uku tsayi. Kyamarar na can sama tana kallon ƙasa, a ƙarƙashinta ana iya jera hawa har bakwai, kowanne da fitilunsa, kuma ana iya gusar da shi gefe ko sama da ƙasa. An fara nuna aikinta a The Old Mill a 1937, wanda ya ci kyautar Oscar, sannan ta yi aiki a Pinocchio na 1940 da Bambi na 1942. Aiki ne mai cin lokaci, don kafin kowane hoto sai ma'aikata sun gusa kowane gilashi gwargwadon abin da aka lissafa masa, kuma daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 24. Ƙura ƙwaya ɗaya a kan gilashi ko walƙiyar fitila na iya sa a sake aikin daga farko. Fim na ƙarshe da Disney ya yi da irin wannan kyamara shi ne The Little Mermaid na 1989.

Yau manhajoji irin su OpenToonz da Toon Boom Harmony sun maye gurbin gilashi, amma lissafin yana nan yadda yake. Ƙa'idar ita ce, idan nisa ya ninka biyu, gudu ya ragu da rabi. Bari mu auna ta da fitowa guda. Mutum yana tafiya zuwa dama, kyamara na biye da shi na daƙiƙa biyar, wato hoto 120, a allo mai faɗin fiksil 1920. Mu ɗauka shi da hanyar da yake takawa suna nisan mita 10, kuma hanyar tana ja zuwa hagu da fiksil 12 a kowane hoto. Ciyawar da ke gaba, a mita 5, za ta ja da fiksil 24. Bishiyoyin da ke mita 20 su ja da 6, gidajen da ke mita 40 su ja da 3, wata kuwa ya tsaya cak. Idan mai zane ya zaɓi lambobin da ka, ya bai wa gidajen 8 alhali ya zana su ƙanana kamar na nesa, mai kallo zai ji kamar gidajen wasan yara ne aka ajiye a bakin hanya, ko da bai san abin da ya dame shi ba.

Wannan lissafi kuma shi ke gaya wa mai zane yawan aikin da ke gabansa tun kafin ya ɗauki alƙalami. Hanyar za ta yi tafiyar fiksil 1440, saboda haka faɗin zanenta sai ya kai 3360 idan an haɗa da faɗin allo. Ciyawar gaba na buƙatar 4800, gidajen nesa kuwa 2280 sun ishe su. Wanda ya zana duka da faɗi ɗaya zai ga ciyawarsa ta ƙare tun tafiya ba ta kai ƙarshe ba. Haka kuma wajibi ne a cike abin da ke bayan kowace bishiya, domin da zarar ta gusa, wurin da ta rufe zai fito fili.

Kuskuren da ya fi saurin bayyana yana ƙafar mai tafiya. Tunda ƙasa na ja da fiksil 12, ƙafar da ke dafe da ƙasa ita ma sai ta ja baya da 12 daidai a kowane hoto. Idan taku ɗaya na cin hoto 12, tsawonsa fiksil 144 ne, ba ƙari ba ragi. In aka saɓa, sai a ga mutum yana sulɓi kamar a kan santsi. Akwai kuma al'adar barin zane ɗaya ya zauna hoto biyu don rage aiki. Tana da kyau idan kyamara na tsaye, amma idan ƙasa na gusawa a kowane hoto ƙafa kuwa sai bayan biyu, ƙafar za ta riƙa karkarwa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a sa ɗigo a diddige da wani a ƙasa, a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a ga ko sun rabu.

Idan kyamara gaba za ta kutsa, girma ake lissafawa. A raba tsohon nisa da sabo. Kyamarar da ta matso mita 2 za ta sa ciyawar mita 5 ta koma mita 3, girmanta ya ninka kusan 1.67. Mutumin da ke mita 10 ya ninka 1.25, gidajen mita 40 kuwa 1.05 kacal. A nan bambancin zum da shiga ta gaske yake, don zum na ƙara wa kowa girma daidai wa daida, kuma babu abin da ke leƙowa daga bayan wani.

Dabarar tana da iyakarta, kuma mai hankali ba ya tsallake ta. Kowane hawa shimfiɗaɗɗe ne, gefen bangon gida ba zai buɗe ba komai gusawar kyamara, saboda haka doguwar tafiya ko zagayawa na sa bishiyoyi su zama kamar kwali da aka kafa. Ana rage wannan ta hanyar taƙaita motsin, a dusashe launin hawan nesa, a ɗan dishe ciyawar da ta fi kusa, a kuma bar inuwar kowane abu a hawan da take faɗowa. Inda labari ya buƙaci kyamara ta zagaya gida, babu makawa sai a sake zana gidan a kowane hoto, ko a gina shi da tsawo da faɗi da kauri a cikin kwamfuta.