Suya Biyu: Yadda Doya da Dankali Ke Yin Gari a Ciki, Ƙaras-ƙaras a Waje

A cikinmu akwai da yawa da suka ɗauki bashin asusu suka kafa kasko, wata a bakin tasha, wata a ƙofar lakwal, wata a ƙofar gida da yamma. Daga Magarya har Dungas kukan masu suyar doya da dankalin Turawa kusan ɗaya ne: ko waje ya yi ja ciki da sauran tauri, ko kuma ta sha mai ta yi laƙwas tun ba a sayar da rabi ba. Doyar nan kuwa ba a gonarmu take fitowa ba. Daga Najeriya ake kawo ta, ta kasuwannin bakin iyaka irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, kuma kafin ta iso hannunmu kuɗin mota ya hau kanta. Duk yankan da ya lalace, kuɗin zubi ne ya lalace. Maganin da muka gani yana aiki shi ne a yi suyar sau biyu, da hutu a tsakani.

Me ya sa suya ɗaya ba ta isa?

Aiki biyu muke nema daga mai, kuma kowanne da zafin da yake so. Na farko, cikin doyar ya nuna. Cikin yana dahuwa ne da ruwan jikinsa: sitacin da ke ciki ya sha ruwan, ya kumbura, ya yi gari. Wannan yana son lokaci, domin zafi a hankali yake ratsawa daga baya zuwa tsakiya. Na biyu, bayan ya bushe ya zama ɓawo. Wannan kuma mai mai zafi sosai yake so, na ɗan lokaci kaɗan.

To in muka zuba ɗanyar doya a mai mai tsananin zafi, baya zai yi ja kafin zafi ya kai tsakiya. In muka rage wuta don ciki ya nuna, bayan ba zai yi ɓawo mai ƙarfi ba. Shi ya sa ake raba aikin gida biyu. A ƙasar Beljiyam, inda suka yi suna da soyayyen dankali, haka masu sayarwa suke yi: suyar farko tun kafin masu saye su zo, ta biyu sai an miƙo kuɗi.

Mu ɗauki doya guda mai kilo 2

In an fere ta, abin da zai rage bai wuce kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba. Mu yanka ta tsaye-tsaye, kaurin ɗan yatsa manuni, kuma mu yi ƙoƙari yankan ya zo daidai da juna, don siriri zai ƙone kafin mai kauri ya nuna. Sai mu wanke har farin ruwan nan ya daina fita, domin sitacin da ke manne a baya shi ke sa yanka ya manne da ɗan uwansa. Mu jiƙa a ruwa mai ɗan gishiri kamar minti 15, mu tsane a kwando, mu goge da tsumma mai tsabta. Kada a raina gogewar nan. Jiƙaƙƙiyar doya tana sa mai ya yi tsalle ya ƙona hannu, kuma tana kashe zafinsa.

Man gyaɗa lita 2 a kasko mai zurfi ya isa. In na gida ne, sabon matsa, mu fara ɗora shi da ɗan yankan albasa har kumfarsa ta kwanta, sannan mu tsame albasar. Doyar kuma mu kasa ta kashi biyar, kowane kashi kamar cikin tafin hannu biyu. Cika kasko shi ne babban abin da ke ɓata suya: sanyin doyar yana sauke zafin mai nan take, sai ta koma kamar ana dafa ta a mai.

Suyar farko tana son wuta mai sauƙi. Masu ma'aunin zafi suna sa ta wajen digiri 140 zuwa 150. Mu da muke kan murhu, ga gwajinmu: mu jefa ɗan guntun doya. In ya nutse, ya ɗan jima, sannan ƙananan kumfa suka fara fitowa a jikinsa a hankali, man ya yi. In ya taso sama nan take yana cuwwa, wuta ta yi yawa, a janye itace ɗaya a bar garwashi ya yi aiki. Kowane kashi zai ɗauki minti 6 zuwa 8. Ba ma neman launi a nan ko kaɗan. Mu tsamo guda ɗaya, ya ɗan huce, mu matsa da yatsa biyu. In ya murƙushe, cikinsa ya yi gari, babu tauri a tsakiya, ya nuna. Ya fito fari ko da ɗan ɗorawa-ɗorawa, ba ja ba. Kashi biyar ɗin, haɗe da jiran mai ya sake ɗaukar zafi, za su ci kamar minti 45.

Hutun tsakani

Nan ne masu sauri suke tsallakewa, kuma sauri kan haifi nawa. Mu baza doyar a faffaɗan tire ko kwando, kada mu tara ta tsibi, ta yi aƙalla rabin awa har tururi ya daina tashi kuma ta huce sarai. Tururin nan da muke gani ruwa ne ke fita. Yayin da take hucewa bayanta yana bushewa, ya yi wata siririyar fata mai ɗan tauri. Fatar nan ce mai mai zafi zai mayar ɓawo. In aka mayar da ita kasko da zafinta, bayan yana jiƙe, sai man ya ɓata lokaci wajen korar ruwa.

A lokacin hunturu iskar da kanta ke yi mana wannan aiki, sai dai ƙura, don haka mu lulluɓe da siririn ƙyalle mai tsabta wanda iska ke ratsawa. Kada a rufe da leda ko murfin tukunya, gumi zai koma mata. Da bazara kuwa mu ajiye a inuwa, kuma kada jiran ya yi tsawo: abin da ya dahu, ga laima a ciki, ga zafin gari, kada ya wuce awa biyu. Mai sayarwa safe da yamma gara ta yi suyar farko sau biyu. Wadda ba ta da firji kada ta bari ya kwana. Abin da ya rage a ƙarasa soya shi a ci a gida.

Suya ta biyu

Yanzu a ƙara itace. Zafin da ake so wajen digiri 180 ne. Guntun gwaji zai taso nan take, kumfa ta kewaye shi da ƙara. Amma in man ya fara hayaƙi, ya wuce gona da iri: zai yi ɗaci, kuma yana kusa da kamawa da wuta. Man gyaɗar gida ya fi na kanti saurin yin hayaƙi, sai mu sa ido. In Allah ya kiyaye ya kama, a rufe kaskon da faranti na ƙarfe, kada a kuskura a watsa ruwa.

Minti 2 zuwa 3 kawai. Alamarta uku: ta yi ja-ja mai haske, kumfa ta ragu, kuma in matsami ya taɓa ta za mu ji tana ƙara kamar busassun ƙirare. Mu tsame a kwando mai huji mu girgiza, domin yawancin man da suya ke sha tana shan sa ne bayan an tsame ta, lokacin da take hucewa da mai kwance a bayanta. Gishiri da yaji sai yanzu, a wajen kasko. Barbaɗa su cikin mai yana saurin baƙanta shi.

Ko da an yi komai daidai, ɓawon ba ya daɗewa. Cikin minti 15 zuwa 20 laimar ciki za ta fito ta sassauta shi, in an ƙulle a leda ma ya fi sauri. Takarda mai tsabta wadda ba rubutu a jikinta ta fi, a bar bakinta a buɗe.

Ba kowace doya ce ɗaya ba

Sabuwar doya, wadda ke shigowa a ƙarshen damina, ruwa gare ta. Tana son a ƙara mata hutu. Tsohuwa ta fi gari, amma ta fi zaƙi, kuma zaƙi shi ke jawo saurin yin ja, don haka a sassauta mata wuta. In ta bushe sosai har cikinta yana fitowa da tauri, mu tafasa yankan minti 4 zuwa 5 a ruwan gishiri, mu tsane ya sha iska, sannan mu rage suyar farko zuwa rabi.

Dankalin Turawa, irin wanda ake kawowa daga Agadas ko Jos, ya fi doya ruwa. A yanka shi ya ɗan fi siriri, suyar farko minti 5 zuwa 6. Wanda ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa a bar shi. Dankalin Hausa na fadamunmu shi ma yana karɓar suya biyu, amma zaƙinsa ya fi na kowa: minti ɗaya zuwa biyu a ta biyun, kuma ɓawonsa ba zai kai na doya ba, kada mu ga laifin hannunmu.

Ina ribar take?

Mu faɗi gaskiya: suya biyu ba ta rage shan mai, tana ma iya ƙara cin itace. Ribarta a wani wuri take. Mai suya ɗaya dole ta soya da yawa ta tara, don mai saye a tasha ba zai tsaya jiran minti goma ba, kuma abin da ya huce sai a karya masa kuɗi ko a yi gyara mai yawa. Mai suya biyu kuwa ta gama aiki mai nauyi tun a gida. A wurin sana'a tana jefa daidai abin da aka tambaya, cikin minti uku ta miƙa da zafinsa.

Kafin taron zubi mai zuwa, kowace mai kasko ta gwada da doya guda. Ta sa alama a jikin kwalbar mai kafin suya, ta tace man bayan ya huce ta mayar, ta ga abin da ya tafi. Ta ƙirga kashi nawa na dala ashirin ta fitar, da nawa ya rage bai sayu ba. Wadda ba ta rubutu ta sa sakatariya ta rubuta mata a littafi. Da waɗannan lambobi uku za mu san kaurin yanka da girman kashi da za su biya bashi su bar mana riba. Allah ya sa wa nemanmu albarka.