“Nawa Zan Ba Shi?” Lissafin Maganin Yaro Kafin Ka Ba Da Amsa

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi, Dambatta, Makoɗa da Kunci, gidaje a jere suke da gonaki, kuma kusan kowace unguwa tana da wanda ake kai wa kwalbar magani ya karanta. Wani malamin firamare ne, wata ɗaliba ce a makarantar ’yan mata, wani kuwa yaron kemis ne. Idan kai ne wannan mutumin, ka san yadda abin yake zuwa da damina. Maƙwabciya za ta shigo da yaro a goye, jikinsa rau, ta miƙo kwalba ta ce: “Malam, duba mini, nawa zan ba shi?”

Amsar da aka saba ita ce “cokali ɗaya”. Wannan amsa tana iya zama daidai, tana iya gaza abin da zai sauke zazzaɓin, tana kuma iya ninka abin da ya kamata sau huɗu. Bari mu ɗauki farasitamol, tunda shi ne ba a rasawa a gida, mu bi lissafinsa daki-daki.

Miligiram daban, mililita daban

Lambobi iri biyu ne a jikin kwalba, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kuskure. Inda ka ga mg, miligiram ake nufi, wato nauyin ainihin maganin. Inda ka ga ml, mililita ne, wato yawan ruwan da aka dama maganin a ciki. Ka ɗauke shi kamar koko: ludayi ɗaya na koko mai kauri ya fi ludayi ɗaya na mai ruwa-ruwa ƙosarwa, ko da yake ludayin bai canza ba.

Jikin yaro miligiram yake lissafawa, hannun uwa kuma mililita yake aunawa. Abin da ke haɗa su shi ne rubutun da ke gaban kwalbar. Idan an rubuta 125mg/5ml, ana nufin kowane mililita 5 na ɗauke da miligiram 125. Raba 125 gida 5, ka sami 25. Ke nan kowane mililita ɗaya yana da miligiram 25. Wasu kwalaben 120mg/5ml aka rubuta, wato 24 a kowane mililita, kuma bambancin bai taka kara ya karya ba.

Akwai ƙananan sauye-sauye biyu da ya kamata ka riƙe. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne, don haka 0.5g a takardar asibiti daidai yake da ƙwaya ɗaya mai 500mg. Sannan idan ka ga cc a jikin sirinji, shi ne dai ml, suna ne kawai ya bambanta.

Da kilo ake farawa

Ƙa’idar da ma’aikatan lafiya ke bi ita ce miligiram 10 zuwa 15 na farasitamol ga kowane kilo na nauyin yaro, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha, kuma kada a wuce sau huɗu a awa 24. Saboda haka tambayarka ta farko ita ce kilo nawa ne yaron.

Shekaru ba su isa su zama ma’auni ba. A jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin nauyin ɗan shekara biyu kusan kilo 12 ne. Amma a karkara, musamman a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin kaka, ɗan shekara biyu mai kilo 9 ko 10 ba baƙon abu ba ne. Ka nemi katin rigakafi ko katin awo, ka duba nauyin da aka rubuta na ƙarshe da ranar da aka rubuta shi. In ya daɗe, a sake aunawa a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Inda akwai sikelin tsayawa, uwa ta hau da yaron, ta sake hawa ita kaɗai, a ɗebe na biyu daga na farko.

Mu yi lissafin tare

A ce yarinya ce ’yar shekara biyu, an auna ta kilo 10, kwalbar kuma 125mg/5ml ce.

Mataki na farko, miligiram nawa take buƙata? Kilo 10 sau 10 ya ba da 100. Kilo 10 sau 15 ya ba da 150. Abin da za ta sha a lokaci guda yana tsakanin miligiram 100 da 150.

Mataki na biyu, a mayar da shi mililita. Mun riga mun gano kowane mililita yana da 25. Raba 100 da 25, ka sami 4. Raba 150 da 25, ka sami 6. Ke nan tsakanin mililita 4 da 6. Mililita 5 yana tsakiya, kuma yana da sauƙin aunawa, sai ka tsaya a kansa. Idan ta sha sau huɗu a kwana, ta sha miligiram 500 gaba ɗaya, iyakar mai kilo 10 kuwa 600 ce.

Yanzu a ce washegari maganin ya ƙare, aka aiki yaro kemis, ya dawo da ’yar ƙaramar kwalba ta jarirai, irin wadda ake ɗigawa a baki. Sunan maganin ɗaya ne, amma a jikinta an rubuta 100mg/ml. Ka lura babu 5 a gaban ml ɗin. Kowane mililita ɗaya yana da miligiram 100, wato ya ninka na jiya sau huɗu. Abin da yarinyar za ta sha daga wannan kwalba mililita 1 ne zuwa 1 da rabi. Idan uwa ta riƙe “biyar” ɗin da ka faɗa mata jiya, za ta ba ta miligiram 500 a shan farko, ƙwayar babban mutum sukutum. Ta maimaita sau huɗu, ta kai miligiram 2,000, wato 200 ga kowane kilo. Likitoci suna fara fargabar lahanin hanta ne tun daga kusan 150 ga kowane kilo a kwana guda.

Shi ya sa amsarka ba za ta tsaya a lamba ba. Ka ce: “Mililita biyar daga wannan kwalbar. In aka sake wata, ki dawo mu duba.”

Duba amsar kafin ta fita daga bakinka

Ko wanda ya iya lissafi yana iya latsa sifili biyu a waya maimakon ɗaya. Akwai gwaji uku da ba sa buƙatar takarda.

Na farko, gwada da babba. Mutum mai kilo 60 yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu, wato miligiram 500 zuwa 1,000. Yarinya mai kilo 10 kashi ɗaya ce cikin shida na nauyinsa, kuma kashi ɗaya cikin shida na 1,000 bai kai 170 ba. Duk amsar da ta kusanci ƙwayar babba ga ’yar goye, akwai kuskure a cikinta.

Na biyu, gwada da kwalbar. Mai mililita 60, idan ana shan 5, za ta yi sha 12, kwana uku ke nan. In lissafinka ya nuna za ta ƙare a wuni ɗaya, ko ya ce a ba yaro mililita 40 a lokaci guda, koma baya. Haka nan in ya ba ka ɗigon da sirinji ba zai iya aunawa ba.

Na uku, juya lissafin. Mililita 5 sau 25 ya ba da 125, a raba da kilo 10 ya ba da 12 da rabi. Yana tsakanin 10 da 15? E. To amsar ta tsaya da ƙafarta.

Ka kuma sa ido kan ɗigon da ke tsakanin lambobi a rubutun hannu. Idan ɗigo ya dushe, .5 yakan koma 5, 1.0 ya koma 10, kuma kowannensu ninki goma ne. Rubutun da kake tantama a kansa, a mayar wa wanda ya rubuta.

Cokalin kicin ba ma’auni ba ne

Idan takarda ta ce ƙaramin cokali, mililita 5 take nufi. Cokulan gida kuwa kowanne da girmansa. A wani bincike da aka wallafa a 2010, masana a ƙasar Girka sun auna ƙananan cokula 71 daga gidaje 25, suka tarar wani mililita 2.5 yake ci, wani har 7.3. A 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa rubuta maganin ruwa na yara da mililita kaɗai.

A nan gida, wanda aka ce wa “cokali” yakan ɗauko na cin shinkafa, wanda ya fi ƙaramin girma nesa. Murfin kwalba ma ba ma’auni ba ne sai in yana da layukan ml. Mafita mai araha ita ce sabuwar sirinji ta mililita 5, a cire allurar a jefar inda yara ba za su kai ba. Ga uwar da ba ta karanta lamba, ka ja layi da biro ko ka naɗa zare a daidai inda za ta tsaya, ka sa ta zuƙo da ruwa a gabanka, ta faɗa maka sau nawa za ta ba shi. A zuba a gefen kunci sannu a hankali.

Inda lissafi bai isa ba

Kafin ka amsa, tambayi abin da aka riga aka ba yaron. Magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, kuma sau da yawa kaka ta ba shi da safe, uwa ba ta sani ba. Duk wannan yana shiga jimillar kwanan.

Yawan farasitamol yana da yaudara. A ranar farko yaro zai iya zama lafiya lau, ko ya ɗan yi amai. Ciwon gefen dama na ciki da shawara a ido sai a kwana na biyu ko na uku, lokacin da hanta ta riga ta taɓu. Akwai makarinsa a asibiti, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Da zarar an gane an wuce ƙima, a tafi babban asibiti, kamar na Bichi ko na Dambatta, da kwalbar a hannu, ba tare da jiran alama ba.

Akwai kuma yaran da ba a yi musu wannan lissafi a gida: jaririn da bai kai wata uku ba yana zazzaɓi, yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko mai tamowa da kumburin ƙafa. Amsarsu ita ce a tafi asibiti yanzu.

A ƙarshe, farasitamol zafin jiki yake saukarwa, ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. Da damina a yi gwajin jini tun a ranar farko. In ya nuna akwai, maganinsa ma da kilo ake bayarwa: a irin wanda ake rubuta wa 20/120, mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a lokaci guda, mai 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, sau shida cikin kwana uku. Don haka ragowar maganin wa ba zai zama ma’aunin ƙane ba.

Idan aka miƙo maka kwalbar da rubutunta ya goge, ko ƙwayoyi a ƙullin leda babu suna, babu lissafin da za ka iya yi a kansu. Ka mayar da su, ka ce a kai yaron wurin ma’aikacin lafiya ya auna shi.