Amsa Mai Hawa Huɗu a Gaban Masu Ɗaukar Ma'aikata

A Sabo ta Mokola, Ibadan, saurayi kan ƙware a cinikin goro, amma ranar ganawar neman aiki, da an ce, "Ba mu labarin matsalar da ka taɓa warwarewa," sai baki ya mutu.

Amsar hawa huɗu gare ta. Halin da aka shiga: "Huhu goma za mu aika Kano, direba ya saɓa alkawari." Nauyin da ke kanka: "Ni maigida ya damƙa wa kayan." Matakin da ka ɗauka, inda ya kamata a daɗe: "Na kai goron inuwa, na yayyafa ruwa, na nemo wata mota." Sakamako: "Ba huhun da ya bushe."

A guji "muka yi", domin aikin hannunka ake tambaya. Ka tanadi labari uku na gaskiya tun daga gida.