Yadda ake kwashe fayiloli daga kwamfutar da ta ƙi tashi kafin a yi mata fomatin

A ranar 19 ga Yulin 2024, wani kuskure a sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Allo ya koma shuɗi a filayen jiragen sama da bankuna, amma fayilolin da ke cikin na'urorin suna nan daram, domin babbar manhajar ce ta kasa tashi.

Haka lamarin yake ga yawancin kwamfutocin da ke ƙin tashi. Abin da ya fi hallaka fayiloli shi ne gaggawar yin fomatin a shagon mai gyara. Ga ɗan jarida ko mai sa ido kan zaɓe, hakan na nufin asarar hotunan takardun sakamako da muryoyin majiyoyi, waɗanda ba a samun su sau biyu.

Mafita ita ce a tashi kwamfutar daga filashi. Ana sauke Ubuntu 24.04, mai nauyin kusan gigabait 6, a wata kwamfuta mai lafiya, sannan a ɗora shi da manhajar Rufus a kan filashi mai gigabait 8 ko fiye. Rufus zai goge duk abin da ke cikin filashin, don haka ana buƙatar wani faifan ajiya na waje daban inda za a zuba fayilolin.

Bayan an soka filashin an kunna kwamfutar, sai a danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, a zaɓi filashin. A nan ake yin kuskure mafi muni, domin allon zai nuna "Try Ubuntu" da "Install Ubuntu". Na farkon ake zaɓa, shi ne ke aiki ba tare da ya rubuta komai a faifan ciki ba. Na biyun yana iya share abin da aka zo ceta.

A ɗauki misalin kwamfuta mai faifan gigabait 256. A cikin Terminal, umarnin lsblk zai jero sassan faifan, kuma sashen da ya fi girma, mai tambarin ntfs, shi ne gidan Windows. Idan sunansa nvme0n1p3, faifan waje kuma an raɗa masa suna AJIYA, ga matakan:

```
lsblk -f -o +SIZE
sudo mount -o ro /dev/nvme0n1p3 /mnt
sudo rsync -rt --progress /mnt/Users /media/ubuntu/AJIYA/
```

Haruffan ro suna nufin a buɗe sashen don karantawa kawai. Wannan yana kare fayilolin daga kuskuren hannu, kuma yana kauce wa gardamar da ake samu idan Windows bai rufe kansa gaba ɗaya ba kafin ya lalace. Kwashe Users ɗungurungum ya fi tsintar fayiloli ɗaya bayan ɗaya, domin har da AppData, ɓoyayyen wurin da manhajoji da dama ke ajiye bayanansu. Idan faifan wajen yana kan tsarin FAT32, ba zai karɓi fayil da ya kai gigabait 4 ba, abin da kan sa dogon bidiyo ya maƙale. Tsarin exFAT ba shi da wannan matsalar.

Abubuwa biyu ne ke iya tsayar da aikin. Na farko, idan lsblk ya nuna BitLocker a maimakon ntfs, to faifan a kulle yake, kuma sai da mabuɗin ceto mai lambobi 48 zai buɗu. Mai kwamfuta kan same shi a asusunsa na Microsoft, a account.microsoft.com/devices/recoverykey, ko wurin sashen fasaha na ofishinsa. Neman wannan mabuɗi na cikin abin da ya jinkirta farfaɗo da na'urori a rikicin CrowdStrike. In babu shi, babu mai gyaran da zai iya karanta fayilolin.

Na biyu shi ne faifan da ke mutuwa. Alamunsa su ne ƙarar ƙas-ƙas daga tsohon faifai mai juyawa, ko saƙon "Input/output error" a tsakiyar kwafi. A wannan hali maimaita kwafi yana ƙara masa rauni. Sai a fara kwashe ƴan fayilolin da ba su da madadi, sannan a koma ga manhajar ddrescue, wadda ke kwafe sassa masu lafiya kafin ta waiwayi lalatattu.

Kafin a yi fomatin, wajibi ne a soka faifan wajen a wata kwamfuta, a buɗe wasu takardu da bidiyo a tabbatar suna aiki. Fayilolin OneDrive na buƙatar kulawa ta musamman, domin wasunsu sunayensu kawai ke kan faifan, ainihinsu yana intanet. Sai an tabbatar da waɗannan duka sannan a sake girka Windows.