Yadda ake gane ko farasitamol ya cika awo

Kwalin farasitamol yana cewa kowace ƙwaya na ɗauke da miligiram 500. Masu binciken magani ba sa tsayawa ga abin da kwali ya faɗa, sai sun auna da kansu.

Sukan ɗauki ƙwayoyi 20, su auna nauyinsu, su niƙe su. Daga garin sai a ɗebi gwargwadon da ya kamata ya ƙunshi miligiram 150 na maganin, a narkar da shi a ruwan soda mai kaifi, a tace domin sitacin da ke haɗe ƙwayar ya fita. Sannan a yi ta sirkawa da ruwa har ya tsinke sosai.

Wannan ruwa ake zubawa a wata 'yar kwalba a saka cikin na'urar auna haske. Farasitamol yana shan wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 257, kuma gwargwadon yawan maganin gwargwadon hasken da zai sha. Idan ya kamata na'urar ta nuna 0.54 amma ta nuna 0.43, to ƙwayar ba ta wuce miligiram 400 ba. Ta faɗi ke nan, domin ƙa'idar Birtaniya ba ta yarda a gaza kashi 95 cikin ɗari ba.

Sai dai na'urar tana da iyaka. Haske kawai take aunawa, don haka duk wani sinadari da ke shan irin wannan hasken zai ƙara lambar, ƙwayar da ba ta cika ba ta tsira. Shi ya sa a ganina dole a fara da tabbatar da cewa abin da ke cikin ƙwayar farasitamol ne.