Sakaya Zance a Kan Mutuwa, Ciwo da Rasa Aiki

Sakaya zance shi ne a lulluɓe magana mai ɗaci da kalmomi masu taushi. Bahaushe ba ya cewa mahaifin wani "ya mutu". Sai ya ce "ya rasu", ko "ya riga mu gidan gaskiya", ko "rai ya yi halinsa". Annabawa da manyan malamai kuwa akan ce sun yi wafati. Waɗannan kalmomi ba sa ɓoye kome, domin duk mai hankali ya san nufinsu. Girmama mamaci suke yi, su kuma sassauta wa mai rai.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa'ad da sakayawa ta zama ɓoyewa. Misali, dattijo ya cika da asuba a Katsina, sai a buga wa ɗansa da ke Kaduna waya a ce, "Jikin Baba ya yi tsanani, ka taho gida." Manufar ita ce kada ya ruɗe a hanya. To amma Musulmi ba sa jinkirta jana'iza. Idan ɗan ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ya tsaya neman kuɗin magani zuwa washegari, sai ya tarar an riga an kai. Abin da ya fi shi ne a nemi wani babba kusa da shi ya zaunar da shi, ya gaya masa gaskiya tare da lokacin sallar gawa. Haka ma yaron da aka ce wa mahaifiyarsa "ta yi tafiya": zai yi ta jiran dawowarta.

A wajen ciwo, amsar "ya jiki?" ita ce "da sauƙi", ko da majinyaci yana jin jiki. A gaisuwa wannan tawakkali ne, amma a gaban likita yana hana gane cuta. Shi ma likitan da ya ce wa mai ciwon suga "ɗan suga ne ya hau" ya bar shi da zaton cewa kwana biyu zai warke, sai ya daina shan magani da zarar ya ji dama.

A wurin aiki, dakatarwa, sallama, ritaya da kora ba ɗaya ba ne, kuma haƙƙin ma'aikaci ya danganta da wadda aka rubuta. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cirar har kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa. Wanda aka ce wa "je ka huta tukuna" ba tare da takarda ba, ba shi da abin nunawa.

Saboda haka, a sakaya a wurin ta'aziyya da gaisuwa, amma duk inda mai sauraro zai yanke shawara bisa abin da ya ji, a fito masa fili cikin ladabi.